Nazarin lamari: ƙwayar tsabtace ruwa nawa gari mai gida 600 zai saya?

Wata ƙaramar ƙungiya mai rarraba kayan kiwon lafiya ta samu damar kawo sabuwar ƙwayar kulorin wani ƙaramin gari. Irin ƙwayar nan ce mai nauyin miligiram 67, wadda ake jefa guda ɗaya a jarka mai lita 20 ta ruwa mai garau, a jira minti 30 sannan a sha. Tana zuwa ne goma-goma a sashe ɗaya. Tambayar da ke gabansu ɗaya ce: nawa za su yi oda na wata uku na farko? Lambobin wannan lamari na misali ne, na daidaita su don lissafin ya fito sarai, amma matakan da tsarinsu haka ake bin su a fili.

Shugaban ƙungiyar ya riga ya yi nasa lissafin. Ya tura mutum biyu sun tambayi mutane 50 ko za su sayi abin da zai kashe ƙwayoyin cuta a ruwansu, 45 suka ce e. Ya ɗauki kashi 90 cikin ɗari na gida 600, ya samu gida 540. Ya ce kowane gida yana ɗebo jarka huɗu a rana, ya ninka da kwana 30, abin ya tashi ƙwaya 64,800 a wata. Ninkawar daidai take. Abin da aka ninka ne ba shi da tushe. Babu uwar da za a tambaya ko tana son ruwa mai tsabta ga 'ya'yanta ta ce a'a, balle baƙo ne ya tsaya mata a ƙofa da takarda a hannu. Amsar da ta bayar ba ta ci mata ko sisi ba, don haka ba ta gaya mana komai game da abin da za ta yi ranar da aka ce ta kawo kuɗi. Matar da aka ɗora wa aikin sake duba lissafin ta nemi sati shida da masu ƙirge huɗu, ta kuma kafa sharaɗi ɗaya: ba za a rubuta komai a littafi ba sai abin da ido ya gani ko hannu ya yi.

An fara da gidajen kansu, domin adadin 600 ɗin ma ji aka yi. Garin yana da layi 24. Aka rubuta lambar kowane layi a 'yar takarda, aka zuba a kwano aka zaro shida. Wannan zarowar ba wasa ba ce, don in aka bar mai ƙirge ya zaɓa da kansa, layin da ke bakin hanya zai bi, inda mutane suka fi hali kuma suka fi sabawa da baƙi. An kuma yanke tun farko cewa "gida" yana nufin mutanen da suke cin tukunya ɗaya kuma suke shan ruwan mazubi ɗaya, ko da ƙofa ɗaya ce ta haɗa su da wasu iyalai uku. Layukan shida suka ba da gida 150, wato 25 a kowane layi, wanda ya kai 600 a garin gaba ɗaya. Matsakaicin mutane a gida shida ne, jimilla kusan 3,600. Nan jita-jitar ta yi daidai.

Daga nan sai wuraren ɗebo ruwa. Guda tara ne, rijiyar burtsatse huɗu da buɗaɗɗiyar rijiya biyar. Mai ƙirge yana zama tun kafin fitowar rana har bayan faɗuwarta, littafi a cinya, kowace jarka ta bar wurin a cike ya ja kara ɗaya, na biyar ya gitta sauran huɗun. Bokiti mai lita goma rabin kara ne. Mai kurar ruwa in ya zo, jarkokin da ke cikin kurar ake ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya. Kowane wuri an zauna masa kwana biyu da ba sa jere, ɗaya a tsakiyar mako ɗaya a ranar da aka fi yin wanki, domin kwana ɗaya tak yana iya faɗawa ranar da famfo ya lalace ko ranar da aka yi ruwan sama. Jimillar ta zo kusan jarka 2,400 a rana, wato lita 48,000.

Amfani na farko na wannan ƙirgen jarkokin shi ne ya bincika ƙirgen gidaje. In aka raba lita 48,000 ga mutum 3,600, kowa ya tashi da kusan lita 13. Ƙa'idojin Sphere na ayyukan agaji sun sa lita 15 ga mutum a rana a matsayin mafi ƙarancin abin da ake so na sha da girki da tsabtar jiki, don haka 13 adadi ne da hankali zai ɗauka a inda ake ɗauko ruwa da ka. Da lissafin ya ba da lita huɗu, da mun san akwai wata hanyar ruwa da ba a gani ba, kamar rijiyoyin cikin gida ko rafi a bayan gari. Da ya ba da 40, da mun san ko dai gidajen sun fi abin da aka ƙirga, ko wasu suna ɗiba don dabbobi da gini. Ƙirge biyu da aka yi ta hanyoyi daban-daban suka haɗu a wuri ɗaya, shi ne dalilin da za a iya dogara da su.

Jarka huɗu a gida, kamar yadda shugaban ya faɗa, gaskiya ce. Sai dai ba wanda zai sa kuɗinsa ya tsabtace ruwan wanki da na wanka. Abin da ake nema shi ne ruwan sha, kuma wannan ba a bakin rijiya ake ganinsa ba, sai an shiga gida.

An shiga gida 60, goma daga kowane layin da aka zaro, ana tsallake gida ɗaya ko biyu a tsakani. Ba a tambayi kowa lita nawa suke sha ba, don ba wanda ya sani. Abin da aka ce shi ne, "Don Allah a nuna min inda kuke ɗiban ruwan sha." Sai a duba mazubin, a auna girmansa da jarka, a tambayi yaushe aka cika shi na ƙarshe da kuma wanda ya gabace shi. Yawancin gidajen jarka ɗaya suke sha a rana, abin da ya yi daidai da mutum shida kowa yana shan kusan lita uku. Da wannan kaɗai, kasuwar ta sauko daga jarka 2,400 zuwa 600 a rana tun kafin a yi maganar kuɗi.

A wannan ziyarar ne kuma aka ga cewa gidajen ba iri ɗaya ba ne. Tara cikin 60 ruwan da aka riga aka tace aka rufe suke saye su sha, ba su da mazubin da za a jefa ƙwaya. Goma sha biyu suna shan ruwan rijiyoyin da suka yi gurɓi. An gane su ne ta hanyar zuba ruwan a dogon bututun gwaji mai alama a ƙasansa, a ga tsawon da ruwan zai kai kafin alamar ta ɓace wa ido. Wannan rukunin yana buƙatar a tsaya a kansa, domin su ne a zahiri suka fi kowa buƙatar tsabtace ruwa, amma ƙwayar ba ta dace da su yadda take ba. Laka da dattin da ke yawo a ruwa suna cinye kulorin kafin ya gama aikinsa, suna kuma ba ƙwayoyin cuta maɓoya. Shi ya sa ake son gurɓin ruwa ya kasance ƙasa da 5 a ma'aunin NTU kafin a sa masa kulorin, in kuwa ya wuce haka sai a bar shi ya kwanta ko a tace shi, ko a ninka maganin. Ninkawar tana nufin ninkin kuɗi da ƙarin wari. Aka ajiye su gefe, da niyyar a yi musu nasu gwajin daban. Saura gida 39 cikin 60, kashi 65 cikin ɗari, wato kusan gida 390 a garin. Ko da kowanensu zai jefa ƙwaya kullum, iyakar abin da za a sayar 11,700 ne a wata.

Yanzu aka zo gwajin da ya fi sauran nauyi, wato sayarwa da kuɗi na gaske. Aka zaɓi gida 120 daga cikin masu ruwa garau, a layukan da ba a shiga ba a baya. Kowane gida an yi masa bayani iri ɗaya na minti biyu, aka nuna yadda ake jefa ƙwayar, sannan aka miƙa sashe ɗaya mai ƙwaya goma. Rabinsu an faɗa musu cikakken farashin da za a riƙa sayarwa a kai, rabi kuma rabin farashi, kuma ƙuri'a ce ta raba layukan, ba mai talla ba. Ba bashi, ba kyauta. Wanda ya ce ba shi da kuɗi a hannu an koma masa sau ɗaya washegari. Duk wanda ya saya an ba shi ɗan kati mai lamba, aka gaya masa inda zai samu ƙari idan nasa ya ƙare, a cikakken farashi ga kowa. Cikin gida 60 na cikakken farashi, 18 suka saya. Cikin 60 na rabin farashi, 30 suka saya. Kashi 90 na baki ya koma kashi 30 na aljihu.

Mutane da yawa a nan suke tsayawa, su ninka kashi 30 da gida 390 da kwana 30 su yi oda. A ganina nan ne ake yin asarar da ta fi ciwo, domin lissafin yana kama da na gaske, an taɓa kuɗi, an ga mai saye. Amma sayen farko abubuwa da yawa ne suke kawo shi: son ganin sabon abu, kunyar mai talla da ya tsaya a ƙofa, ko yaro da ya yi gudawa a makon. Babu ɗaya cikinsu da zai dawo wata mai zuwa.

Saboda haka a rana ta biyar aka koma gidajen da suka saya, ba tare da sanarwa ba. Mai gwajin takan roƙi kofin ruwa irin wanda za a ba yaro in ya ce yana jin ƙishi. Ta zuba kaɗan a 'yar kwalbar gwaji, ta jefa ƙwayar da ake kira DPD, ta girgiza. In akwai ragowar kulorin, ruwan yana juyewa ruwan hoda cikin daƙiƙu, sai ta kara shi da katin launi ta karanta. Abin da ake so a ruwan da aka ajiye a gida shi ne aƙalla miligiram 0.2 a kowace lita. In ruwan ya tsaya fari tas, to yau ba a sa ba, ko an sa jiya ya riga ya baje. Sannan ta ce a nuna mata sashen, ta ƙirga ramukan da aka fasa. A wani gida matar ta ce kullum tana sawa, ta shiga ɗaki ta daɗe tana nema, ta fito da sashen daga ƙarƙashin kaya, rami biyu kawai a fashe. Ba ƙarya take so ta yi ba, ladabi ne ga baƙuwa. Mai gwajin ta yi godiya ta rubuta biyu.

Sakamakon: a rukunin cikakken farashi gida 11 cikin 18 ruwansu ya nuna kulorin, a rukunin rabin farashi 14 cikin 30. Ragin farashi ya ƙara masu saye da goma sha biyu, amma masu amfani uku kawai ya ƙara. Rukunan ƙanana ne, bai kamata a ɗora musu nauyin da ya fi ƙarfinsu ba, sai dai abin da suka nuna ya yi daidai da wani sanannen gwaji da Nava Ashraf da James Berry da Jesse Shapiro suka yi a Lusaka ta ƙasar Zambiya, wanda aka wallafa a 2010. Sun sayar da ruwan kulorin mai suna Clorin gida-gida a farashi daban-daban, suka ga cewa yayin da farashi ya hau masu saye suna raguwa, amma waɗanda suka rage sun fi zama masu amfani da shi.

Ƙirgen ramukan ya fito da wani abu da ba a tsara nema ba. Gidajen da suka daina bayan ƙwaya ɗaya ko biyu kusan duk magana ɗaya suka yi: "Ruwan yana warin magani, yara sun ƙi sha." Da aka koma littafin ziyara aka duba girman mazubinsu, sai aka ga da yawansu a bokiti mai lita goma ko goma sha biyu suke ajiye ruwan sha. Ƙwayar da aka yi wa lita 20 sun jefa ta a rabin ruwan, maganin ya ninka, ɗanɗano ya fito fili. Wannan ba rashin buƙata ba ne, rashin dacewar girman ƙwaya da mazubi ne, kuma hanyar gane bambancin ita ce a ajiye girman mazubi kusa da adadin ramuka a shafi ɗaya. Da ba a auna mazubi ba, da sai a rubuta cewa mutanen ba sa son kulorin, a rufe littafi. Masu yin wannan ƙwaya suna yin ƙananan girma na ruwa kaɗan, don haka aka sa tambayar a jerin abin da za a nema wurin mai kawo kaya.

Ƙirge na ƙarshe shi ne mafi sauƙi kuma mafi jinkiri. Mai riƙe da kayan ya ajiye littafi, duk wanda ya zo da kati a rubuta lambarsa da kwanan wata. Aka jira sati huɗu. Gida 13 cikin 120 suka dawo da ƙafarsu suka biya cikakken farashi, bakwai daga rukunin farko, shida daga na biyu. Kusan kashi 11 cikin ɗari ke nan. Kwanan watan ya ƙara wani bayani: tsakanin sayen farko da na biyu kusan kwana 15 ne, ba goma ba. Ko masu son abin ba kullum suke sawa ba, akwai ranar mantuwa, akwai ranar da jarkar jiya ba ta ƙare ba. Don haka gida mai saye na gaske ƙwaya 20 yake ci a wata, ba 30 ba.

Lissafin ya haɗu kamar haka. Kashi 11 na gida 390 ya ba da kusan gida 43, kowanne ƙwaya 20, wato kusan ƙwaya 860 a wata. Amma 13 cikin 120 ba adadi ne da za a rantse a kansa ba. Da an zaro wasu gidajen 120 daban, da ana iya samun takwas ko ashirin. Lissafin kuskuren samfuri ya sa gaskiyar tana wani wuri tsakanin kashi 6 da kashi 18, wato gida 23 zuwa 70, ƙwaya 460 zuwa 1,400 a wata. Tazarar ma tana iya fin haka faɗi, domin gidajen layi ɗaya suna kwaikwayon juna, maƙwabciya ɗaya mai yawan magana tana iya jan gida biyar su saya ko su daina. Wanda yake son ya rage wannan tazarar da rabi sai ya ninka gidajen gwaji sau huɗu, kuma ga odar farko wannan wahalar ba ta cancanta ba, tunda ko ƙarshen sama ko na ƙasa aka ɗauka shawarar ba ta canzawa.

Watan farko yana da nasa lissafin daban saboda masu saye don su gwada kawai. In talla ta kai ga dukkan gida 390, kashi 30 za su sayi sashe ɗaya, ƙwaya 1,170 ke nan, sai gida 43 su dawo su ƙara 430, jimilla 1,600. Wata na biyu da na uku 860 kowanne. Wata uku sun tashi kusan 3,300, aka yi odar 4,000. Lissafin shugaban na wannan lokacin 194,400 ne. An kuma rubuta a rahoton, da jan layi, cewa cinikin watan farko zai kusan ninka na biyu kuma hakan ba alamar mutuwar kasuwa ba ce, don kar wani ya ga 1,600 ya yi babbar oda, ko ya ga 860 ya tattara kaya.

Akwai iyakokin da rahoton bai ɓoye ba. An yi ƙirgen ne da rani. Da damina rijiyoyi da yawa za su yi gurɓi, wasu gidajen za su koma tarar ruwan sama, don haka adadin 390 kansa zai motsa. Ɓarkewar amai da gudawa tana iya ninka ciniki cikin mako ɗaya sannan ya sauka, kuma duk ƙirgen da aka yi a irin wannan lokacin ba ya wakiltar sauran shekara. Ziyarar rana ta biyar ita ma tunatarwa ce ga mai gida, wadda sauran gidajen garin ba za su samu ba, saboda haka kashi 11 ɗin ya fi kusa da ya yi yawa a kan ya yi kaɗan.

Abu ɗaya ne nake ganin bai kamata a karanta a cikin waɗannan lambobi ba, shi ne cewa gida 43 kawai ke buƙatar ruwa mai tsabta. Ruwan burtsatse yana iya fitowa lafiya ƙalau ya gurɓace a gida, ta hannu da kofin da ake tsomawa, kuma wannan ya shafi dukkan gidajen. Abin da aka auna shi ne nawa ne za su biya wannan farashi, a wannan wuri, su kuma maimaita. Binciken da Michael Kremer da abokan aikinsa suka yi a yammacin Kenya ya nuna yadda tazarar take: inda ake sayar da kulorin a kanti, ƙasa da kashi goma na gidaje ne ke amfani da shi, amma da aka kafa mazubin kulorin kyauta a bakin wurin ɗebo ruwa aka sa wani ɗan gari yana tunatarwa, sama da rabin gidaje suka riƙa sawa. Ƙungiyar da burinta ciniki ne da wadda burinta rage gudawar yara za su karanta lamba ɗaya su yanke hukunci daban.

Wannan ƙungiyar ta yanke uku. Ba za ta ɗauki mai talla na dindindin ba, don cinikin ƙwaya 860 ba zai riƙe albashi ba. Za ta ajiye kayan a bakin burtsatse biyu da ƙirgen jarka ya nuna sun fi cunkoso, inda jarka mai lita 20 take hannun mutum a daidai lokacin da ake miƙa masa ƙwayar. Littafin kati kuma zai ci gaba, a riƙa duba shi kowane ƙarshen wata: in gidajen da suka saya sau uku suka haura 70 a ƙara oda, in suka kasa 25 a dakata a koma gidajen da suka daina a auna mazubinsu. Gwajin gida 120 masu ruwa mai gurɓi an sa shi farkon damina, da ƙwaya biyu a jarka da kuma ƙyallen tacewa.